Yadda ake ɗaura linkin sita da delta a akwatin moto mai wuta biyu ba tare da an ƙona koyil ba

Tambayar da aka fi aiko mana kan moton lantarki mai fes uku ita ce wannan: an buɗe akwatin haɗi, ga ƙusoshi shida, ga ƙananan farantan tagulla uku da ake kira linki, to a kwance za a ɗaura su ko a tsaye? Amsar tana rubuce a jikin moton, amma sai an san yadda ake karanta ta. Wannan jagora ta tsaya kan moto mai ƙusoshi shida, irin wanda farantin bayaninsa ke ɗauke da lambobin wuta biyu kamar 230/400 ko 400/690, kuma za mu bi da moto ɗaya mai kilowat 4 daga buɗe akwati har zuwa aunin amfiya.

Abu ɗaya za ka riƙe tun yanzu. Ƙaramar lambar da ke kan farantin bayanin ita ce wutar da koyil ɗaya yake iya ɗauka. Aikin linki kawai shi ne ya sa kowane koyil ya sami wannan wutar, kada ta fi, kada ta gaza.

Kayan aiki

Kana buƙatar maltimita mai auna wuta da om, da kilam mita na auna amfiya, da mega mai bolt 500 na gwada rufin waya, da sufana mai soket daidai da notin ƙusoshin, da filaya ta matse lag, da kwaɗo na kulle makunnin wuta. In kana da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, ta fi. Aikin, ban da gwajin lodi na ƙarshe, ba ya cin fiye da awa ɗaya, kuma linki da washa da lag su ne mafi arha a duk kayan moto. Abin da ke da tsada shi ne sake naɗa koyil, wanda a ƙananan motoci yakan kusa kai kuɗin sabo, ban da kwanakin da injin zai yi a tsaye.

1. Kashe wuta, ka kulle, ka auna

Sauke bireka ko makunnin da ke ciyar da moton, ka sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihunka. Sannan ka gwada mitarka a wurin da ka san akwai wuta, ka auna tsakanin kowane layi biyu da tsakanin kowane layi da jikin moto, ka sake gwada mitar. Danna jan maɓalli a fanel ba kashe wuta ba ne, domin kontakta na iya kamawa da kanta in akwai na'urar da ke tada moton.

Gargaɗi: in inbata mai sarrafa gudun moto ce ke tuƙa moton, kafasitocinta suna riƙe wuta bayan an kashe. Jira mintunan da aka rubuta a jikinta kafin ka sa hannu. Wasu motocin kuma suna da hita na hana danshi a cikin akwatin, wanda ake ciyar da shi daga wata bireka daban, don haka ka auna ƙananan wayoyin su ma.

2. Karanta farantin bayani

Ga abin da za ka gani a jikin motonmu na misali:

```
4 kW   50 Hz   1440 r/min
Δ/Y   230/400 V   14.2/8.2 A
```

Ana karanta shi ne a jere, na farko da na farko, na biyu da na biyu. Alamar kusurwa uku delta ce, tana tafiya da 230 da amfiya 14.2. Alamar Y sita ce, tana tafiya da 400 da amfiya 8.2. Wato in wutar da ke tsakanin layi da layi 230 ce, a ɗaura delta. In 400 ce, a ɗaura sita.

Dalilin ba shi da wuya. A delta, kowane koyil yana rataye ne kai tsaye tsakanin layi biyu, don haka duk wutar layin ce a kansa. A sita, ƙarshen koyil ukun suna haɗe wuri ɗaya, sai kowanne ya sami wutar layi an raba ta da 1.73. Raba 400 da 1.73, za ka sami kusan 230. Ke nan ko ta delta a 230, ko ta sita a 400, koyil ɗin 230 yake gani, kuma amfiya 8.2 ce ke ratsa shi a cikakken lodi. Ƙarfin moton ɗaya ne a haɗin biyu, kilowat 4, gudunsa ma ɗaya. Masu cewa delta tana ƙara wa moto ƙarfi sun ɗauko maganar ne daga wani wuri, kuma ita ce ke kai mutane ga ƙona moto.

Moton da aka rubuta masa 400/690 kuwa, koyil ɗinsa na 400 ne. A kan wutar 400 delta yake so. Galibi ƙananan motoci, har zuwa kilowat 3 ko 4, sukan zo da 230/400, manya kuma 400/690, amma wannan al'adar masana'anta ce kawai. Kada girman moto ya sa ka yi hasashe, farantin ne shaida.

3. Auna wutar da za ta ciyar da moton

Wannan aunin ana yin sa ne a fanel, a gefen da wuta ke shigowa, kuma tsakanin layi da layi: L1 da L2, L2 da L3, L3 da L1. Nan ne ake yawan zamewa. Mutum ya auna layi da nutural ya ga 230, ya duba faranti ya ga 230 kusa da alamar delta, sai ya ɗaura delta, alhali tsakanin layi da layi 400 ce. Lambobin farantin moto mai fes uku duk na layi da layi ne.

In ka sami 380 ko 415, duk gidan 400 ne, haɗin bai canza ba. Abin da za ka kula da shi shi ne aunin uku su zo kusan ɗaya. Bambancin kashi biyu ko uku cikin ɗari a wuta yana haifar da bambanci mai yawa a amfiya, koyil ɗaya ya riƙa zafi fiye da sauran.

Akwai wuri ɗaya da ake samun fes uku na 230 a yau fiye da ko'ina, wato bayan ƙaramar inbata mai shan fes ɗaya. Irin wannan inbatar tana karɓar 230 ta fitar da fes uku na 230, ba ta kai 400. Moto mai 230/400 a bayanta sai delta, kuma lambobin da za ka shigar mata su ne 230 da 14.2. In aka bar shi a sita yadda ya zo daga kamfani, zai juya, amma da an ɗora masa lodi zai kasa. Moto mai 400/690 kuwa ba ya samun cikakken ƙarfinsa a bayan irin wannan inbatar ko ta wane haɗi.

4. Gane ƙusoshin shida

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton akwatin yadda ka same shi. Sannan ka cire wayoyin shigowa da linki ukun. Tsarin ƙusoshin haka yake:

```
W2   U2   V2
U1   V1   W1
```

Koyil na farko ya fara daga U1 ya ƙare a U2, na biyu V1 zuwa V2, na uku W1 zuwa W2. Lura cewa U2 ba ya saman U1, an goce shi gefe da gangan. An yi haka ne don linki na tsaye ya haɗa farkon wani koyil da ƙarshen wani, ba farko da ƙarshen koyil ɗaya ba. A tsofaffin motoci za ka ga U V W a ƙasa, Z X Y a sama, ma'anar ɗaya ce.

Kada ka amince da rubutun allon kawai, musamman a moton da aka taɓa yi wa naɗi. Sa mita a om. Tsakanin U1 da U2 ya kamata ta nuna ƙaramar lamba, haka V1 da V2, haka W1 da W2. A ce a motonmu kowanne ya nuna om 1.5. Lambobin uku kada su bambanta da fiye da kashi biyar cikin ɗari. Fara haɗa bakin wayoyin mitar ka ga nasu aunin ka cire, domin a irin waɗannan ƙananan lambobi om 0.2 na wayar mita yana rikita lissafi. Tsakanin U1 da ƙusar da ke samansa kai tsaye, wato W2, bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta nuna 1.5 a nan, mai naɗin ya jera wayoyin ba daidai ba, kuma linkin delta zai gajarce koyil ɗin, kowane koyil ya zama bakinsa biyu a layi ɗaya. Moton ba zai ko motsa ba, ko kuma ya yi gurnani in wasu ne kawai suka sauya wuri.

5. In lambobin wayoyin sun goge

Mitar om za ta ba ka wayoyi biyu-biyu na kowane koyil, amma ba za ta gaya maka wane baki ne farko ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Koyil ɗaya da aka juya bakinsa yana tura maganaɗisunsa ya saɓa wa na sauran biyu. Moton zai yi ƙara mai kauri, ya yi rawa, ya juya a hankali ko ya ƙi tashi, amfiyar layukan uku ta yi sama kuma ta bambanta ƙwarai.

Ga yadda ake ganewa. Samo ƙaramar taransifoma mai fitar da bolt 12 zuwa 24, domin gwajin ba ya yiwuwa da wutar batir. Zaɓi koyil ɗaya ka sa masa suna U1 da U2 yadda ka ga dama. Haɗa U2 da baki ɗaya na koyil na biyu, ka ba U1 da ragowar bakin wutar taransifomar na 'yan daƙiƙu, kana auna wuta a kan koyil na uku. In mita ta nuna kusan sifili, ƙarshe da ƙarshe ka haɗa, wato bakin da ke jikin U2 shi ne V2. In ta nuna 'yan bolt, ƙarshe da farko ka haɗa, bakin nan V1 ne. Juya bakin ka sake gwadawa don ka ga bambancin da idonka. Sai ka maimaita da koyil na uku a madadin na biyu, kana aunawa a kan V. Da ka gama, sa wa kowace waya alama mai ɗorewa, ba rubutun biro a kan tef ba.

6. Gwada da mega kafin ka ɗaura linki

Yanzu ne lokacin, tunda koyil ukun a rabe suke. Auna kowanne zuwa jikin moto da bolt 500, sannan tsakanin U da V, V da W, W da U. Moto mai lafiya yakan nuna ɗaruruwan megom. In ya faɗo ƙasa da megom 1, kada ka ba shi wuta. Sau da yawa danshi ne, a busar da shi a sake aunawa. In an riga an ɗaura linki, gwajin tsakanin koyil da koyil ba shi da amfani, domin linkin ya haɗe su.

Gargaɗi: ƙananan wayoyi biyu na na'urar jin zafi da ke cikin naɗin ba a ratsa su da mega, tana lalata na'urar. Kuma kada a yi mega alhali wayar moton tana jone da inbata. Bayan kowane auni ka taɓa ƙusar da jikin moto ta waya, don wutar da ta taru ta sauka.

7. Ɗaura linki

Sita: linki a kwance, a kan layin W2, U2, V2. Biyu sun isa su haɗa ƙusoshi uku. Na ukun a ɗora shi a kan ɗaya daga cikinsu a ɗaure tare, don ranar da za a koma delta a same shi. Kada a ajiye shi sake a ƙasan akwati, rawar moto za ta kai shi kan ƙusa wata rana.

Delta: linki uku a tsaye.

```
Y :  W2–U2–V2
Δ :  U1–W2   V1–U2   W1–V2
```

A haɗin biyu duka, wayoyin wuta uku suna shiga U1, V1, W1. Motonmu yana kan wutar 400, don haka sita ne, linki a kwance a layin sama. Ba a kawo nutural wurin mahaɗar sita, kuma ba a haɗa ta da jikin moto. Wayar ƙasa tana da nata noti a jikin akwatin, ita ce ake fara ɗaurawa, a bar mata tsawo fiye da sauran don in kebul ya fizge ita ce ta ƙarshen tsinkewa.

Kuskuren da ke fashe fis nan take shi ne ɗaura linki a kwance a layin da wuta ke shigowa. An haɗe fes uku ke nan da farantin tagulla. Haka ma in aka ɗaura na tsaye aka manta ɗaya a kwance.

Yadda ake jera abubuwa a kan ƙusa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Lag ɗin koyil, da linki, da lag ɗin wayar shigowa su kwanta a kan juna, tagulla a kan tagulla, sannan washa da noti su danne daga sama. In akwai notin da ke riƙe lag ɗin koyil a ƙasa, duba shi ma, don yakan saki in ana kwance na sama. Kada a sa washa mai sifirin tsakanin lag da linki, wuta ba ta ratsa ta da kyau, wurin zai riƙa zafi. Kada kuma a naɗe zallar waya a kan ƙusa ba lag. Ƙusoshin na tagulla ne, ba sa son ƙarfi: kusan niyutan-mita 2 ga M5, 3 ga M6, 6 ga M8, sai dai in takardar moton ta faɗi wani abu daban. Wanda ya danna da dukan ƙarfin hannunsa yakan tsinke ƙusa ko ya tsaga allon.

Da ka gama, akwai auni mai sauƙi da ke tabbatar da haɗin. Kafin ka jona wayoyin wuta, auna om tsakanin U1 da V1, V1 da W1, W1 da U1. A sita za ka ga ninkin koyil ɗaya, wato om 3 a motonmu. A delta za ka ga kashi biyu cikin uku na koyil ɗaya, wato om 1. In ɗaya ya fita daban, akwai linkin da bai kama ba.

8. Abin da ke faruwa in an ɗaura ba daidai ba

Ɗauki motonmu na 230/400 a ɗaura shi delta a kan 400. Kowane koyil ya sami 400 maimakon 230, ƙari na kashi 73 cikin ɗari. Mutum zai zaci amfiya ma da kashi 73 za ta ƙaru, amma ba haka ba ne. Ƙarfen cikin moto yana da iyakar maganaɗisun da yake ɗauka, kamar soso da ya riga ya sha ruwa. Da an wuce wannan iyaka, koyil ba ya iya tare wutar, amfiya ta yi tashin gwauron zabo ko babu lodi ko kaɗan. Abin da ke yaudarar mutane shi ne moton yana tashi da zafin nama, gudunsa daidai, har a ce ya fi ƙarfi. Alamun su ne gurnani mai kauri, jiki ya ɗau zafi cikin 'yan mintuna, warin banish ya biyo baya. In obalod, wato na'urar da ke yanke wuta in amfiya ta wuce iyaka, yana kan 8.2 zai yanke wuta ya ceci moton. Abin takaici, a nan ne wani zai ce obalod ɗin ne ke da matsala, ya murɗa shi sama ko ya tsallake shi. Daga nan sai hayaƙi.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Moto mai 400/690 a ɗaura shi sita a kan 400. Kowane koyil ya sami 230 maimakon 400. Ƙarfin juyi yana bin ninkin wuta a kanta, don haka ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin uku. A gwaji ba lodi, moton zai yi shiru, amfiya kaɗan, kowa ya ce aiki ya yi kyau. Da an ɗora bel, gudu ya ragu, fankar bayansa ta rage iska, amfiya ta hau. A ce farantin ya nuna amfiya 21.5/12.4, kuma an saita obalod a 21.5 saboda wutar 400 ce. A sita, duk amfiyar layi ce ke ratsa koyil, shi kuwa koyil ɗin 12.4 ce iyakarsa. Moton zai iya jan 18 ko 20 yini guda obalod bai motsa ba, alhali zafin da ke cikin naɗin ya ninka abin da aka yi shi dominsa. Irin wannan ba ya ƙonewa a rana ɗaya, sai bayan kwanaki ko makonni, lokacin da kowa ya manta da akwatin haɗi. Masu aikin naɗi suna lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar rufin waya.

Na uku shi ne noti da bai ɗauru ba. Wurin ya yi zafi, ya yi baƙi, wata rana layi ɗaya ya yanke moton na gudu. Zai ci gaba da juyawa a kan layi biyu, amfiyarsu ta haura kusan ninki biyu. In ya tsaya ba zai sake tashi ba, gurnani kawai zai yi.

Naɗin da ya ƙone yana ba da labarin abin da ya kashe shi, don haka ka duba kafin mai naɗi ya farke shi. In koyil ukun sun yi baƙi bai ɗaya, lodi ne ya yi yawa ko haɗin ne bai dace da wutar ba. In biyu sun ƙone ɗaya yana nan da launinsa, layi ne ya yanke a sita. In ɗaya ya ƙone biyu sun tsira, layi ne ya yanke a delta. Wanda bai duba ba zai mayar da sabon naɗi kan tsohuwar cuta.

9. In fanel ɗin mai tashi da sita ya koma delta ne

A nan ba a sa linki ko ɗaya. Wayoyi shida ne ke fitowa daga fanel zuwa ƙusoshi shida, kontaktoci ne ke yin aikin linki. In aka bar linkin delta, da kontaktar sita ta kama an haɗe fes uku. In aka bar na sita, fashewar za ta jira har lokacin da kontaktar delta ta shigo. Sabon moto yakan zo da linki a ɗaure daga kamfani, a cire su.

A kan wutar 400, moto mai 400/690 ne kawai ake sa wa wannan fanel. Mai 230/400 zai tashi lafiya a sita, da taima ta juya shi zuwa delta ya faɗa cikin kuskuren farko na mataki na 8.

Bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mita. Layin da babbar kontakta ke ba U1 ba shi ne zai zo wa U2 ta kontaktar delta ba. Jerin da ya yi daidai da linki shi ne L1 zuwa U1 da W2, L2 zuwa V1 da U2, L3 zuwa W1 da V2. In waya biyu suka sauya wuri a ɓangare ɗaya, moton zai tashi sumul a sita, a wurin sauyi ya yi gurnani bireka ta faɗi. Saboda haka in juyin ya fito a baibai, a sauya layi biyu a mashigar fanel, kafin kontaktoci, ba a akwatin moto ba. Obalod kuma, in yana ƙasan babbar kontakta a kan wayoyin da ke zuwa U1, V1, W1, amfiyar koyil yake gani, ba ta layi ba. Ana saita shi ne a 0.58 na amfiyar delta. Ga moton 21.5, wannan 12.4 ce, lamba ta biyu da ke kan farantin.

10. Moto mai wayoyi tara ba wannan ba ne

In ka buɗe akwati ka ga wayoyi tara masu lamba T1 zuwa T9, faranti kuma ya ce 230/460, wannan tsarin Amurka ne. Babbar lambar ninkin ƙaramar ce daidai, domin kowane fes yana da rabi biyu da ake jerawa a layi ko a haɗa gefe da gefe. Babu ruwansa da sauya sita zuwa delta, kuma haɗin ƙaramar wuta ya bambanta tsakanin wanda cikinsa sita ne da wanda cikinsa delta ne. Zanen da ke kan farantinsa ko cikin murfin za ka bi. Haka ma moto mai gudu biyu: yana iya zuwa da ƙusoshi shida, amma farantinsa zai nuna gudu biyu, kuma linkin wannan jagorar ba nasa ba ne.

11. Saita obalod, ka tada moton ba lodi

Motonmu yana sita a kan 400 kuma kai tsaye yake tashi, don haka obalod a 8.2. Ba 14.2 ba. Wannan lambar ta delta ce a 230, kuma in aka saita ta a nan moton zai iya jan kusan ninki biyu ba wanda ya tare shi.

Cire bel ko mahaɗin shaf, ka ɗaure ko ka cire makullin shaf don kada ya fita ya bugi wani. Rufe akwatin, ka yi aunin amfiya a fanel. Danna ka saki nan take ka ga inda ya nufa. In L1, L2, L3 na bin jerinsu zuwa U1, V1, W1, shaf yana juyawa kamar hannun agogo in ka fuskance shi ta bakin shaf. In ba haka kake so ba, kashe, kulle, ka sauya wayoyin wuta biyu. Linki ba a taɓa shi.

Sai ka tada shi sosai, kilam mita na rataye a layi ɗaya. A daƙiƙar farko zai ja ninki biyar zuwa takwas na amfiyar faranti, wannan daidai ne. Da ya kai gudu ya kamata ya sauko zuwa kusan sulusi ko rabin amfiyar faranti, wato tsakanin 3 da 4 a motonmu. In ba lodi amma yana jan 8 ko fiye, kashe nan take, delta ce a inda ake son sita. In moto ya ja abin da bai kai kashi goma sha biyar cikin ɗari na lambar farantinsa ba, yi zargin sita ce a inda ake son delta. Auna layukan uku, kada su bambanta da fiye da kashi goma cikin ɗari. In sun bambanta, kashe ka matsar da wayoyin uku gaba ɗaya mataki ɗaya, L1 ta koma V1, L2 ta koma W1, L3 ta koma U1, wanda ba ya sauya juyi. In babbar amfiyar ta bi wayar, laifin wutar ne. In ta tsaya a kan ƙusar da take, laifin yana cikin moton ko a linkinsa.

12. Ɗora lodi, ka sake dubawa

Mayar da bel, ka bar shi ya yi aikinsa na gaske na rabin awa zuwa awa ɗaya, kana auna amfiya lokaci-lokaci. Kada ta zarce 8.2 a kowane layi. Sannan ka kashe, ka kulle, ka auna ka tabbatar babu wuta, ka buɗe akwatin. Ƙusar da ta fi 'yan uwanta zafi ko ta fara sauya launi, haɗinta ne bai kama ba. Sake bin notunan, domin tagulla takan zauna bayan zafin farko. Duba cewa babu silin waya da ya fito daga lag ya nufi ƙusar kusa, robar murfi tana wurinta, gilan ya kama rigar kebul ɗin, kuma an toshe ramin da ba a yi amfani da shi ba. A cikin murfin ka rubuta haɗin da ka ɗaura, da wutar da ka auna, da amfiyar layukan uku a kan lodi, da kwanan wata.